Ɗakin mai takaba: ina Daura take a cikin labarin nan?

'Yar Daura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gajeren labari da nake so in kammala, kuma kalma 1,500 ce iyakata, don ina fatan in tura shi gasa. Labarin wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, tana cikin takaba, 'ya'yan kishiyarta kuma suna shirin raba gidan. Na ba yayata ta karanta, sai ta ce da ni labarin ya taɓa ta, amma ba ta ga Daura a ciki ba. Abin ya tsaya mani a rai, domin da Daura na buɗe shi. Ga farkon:

"Daura gari ne mai daɗaɗɗen tarihi, garin Daurama da Bayajidda, inda rijiyar Kusugu take har gobe. Gari ne mai kyawawan gine-gine da mutane masu karamci. A wata unguwa cikin wannan gari mai albarka wata mata ke zaune a ɗakinta, zuciyarta cike da baƙin ciki."

Daga nan na shiga labarin. Ku gaya mani gaskiya, me ya rage?

Ɗalibin Adabi: Wa alaikumus salam Yaya. A ganina bayanin ne ya yi kaɗan. Layi biyu ba za su ɗauki Daura ba. Ki ƙara fadar sarki, ki ƙara kasuwa, ki sa ƙarar babura da ƙamshin ƙosai da safe, ki sa hawan sallah in da hali. Haka aka koya mana, mai karatu ya gani, ya ji, ya shaƙa. In kin cika masa ido da gari, ba mai cewa bai ga Daura ba.

Malamin Ƙofar Sauri: Ɗiyata, kafin ki ƙara ko kalma ɗaya, yi mani wani gwaji. Ɗauki labarin, ki goge waccan sakin layi ta farko, duk inda kika rubuta Daura ki mayar da shi Funtuwa. Sai ki karanta daga farko zuwa ƙarshe. Akwai abin da ya ɓaci? Akwai wata magana ko wani aiki na matar nan da ya daina yin ma'ana?

'Yar Daura: Na yi, Malam. Wallahi babu abin da ya motsa. Sau uku kawai sunan ya fito, kuma labarin ya tafi yadda yake.

Malamin Ƙofar Sauri: To abin da yayarki ta ji ke nan, ba ta dai samu yadda za ta faɗa maki ba. Garin yana rataye a bayan matar kamar labulen mai hoto, an ɗauke ta a gabansa, amma bai taɓa jikinta ba. Kuma shawarar ɗana mai karatun adabi, duk da tana da gaskiya a cikinta, in kin bi ta yadda ya faɗa labulen za ki ƙara wa ado.

Dubi wadda kika zaɓa. Mace ce mai takaba. Wata 4 da kwana 10 za ta yi a gidan mijinta, ba kwalli, ba turare, ba fita sai da lalura. Ina ita ina fadar sarki, ina ita ina hawan sallah? Wa zai kai ta Kusugu? Duk abin da idonta ba zai gani ba, kunnenta ba zai ji ba, in kin sa shi a labarin to muryarki ce ta mai yi wa baƙo zagayen gari, ba rayuwarta ba. Muhallin labarinki bai kai girman Daura ba. Ɗaki ɗaya ne, da tsakar gida, da katangar da ta raba ta da zaure. Nan za ki zauna.

Yanzu ki lura da abin da ɗakin nan yake yi mata. Muddin tana takaba, ba mai ce mata ta tashi, addini ya zaunar da ita, ya kuma kare mata wurin kwana. Ranar da za ta fita takaba, ranar da mata za su zo su yi mata barka, ita ce ranar da kariyar ta ƙare. Ɗakin da ya tsare ta shi ne ya rufa mata asiri, kuma kullum gari ya waye an rage mata kwana ɗaya na ƙunci da kwana ɗaya na matsuguni a lokaci guda. Wannan shi ne jigon labarinki, kuma ba ki buƙatar ki faɗe shi da bakinki, yana cikin ginin gidan tun kafin ki ɗauki alƙalami.

'Yar Daura: Malam, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni a zuciyata jigon shi ne rashin tausayin 'ya'yan miji.

Malamin Ƙofar Sauri: Wannan yana nan, amma in kika jingina labarin a kansa dole ki mayar da yaran azzalumai, kuma mai karatu ya sha ganin haka. In kika jingina shi a kan ɗakin, yaran na iya zama mutanen kirki, suna gaishe ta da safe, suna aiko mata da cefane, amma duk da haka igiyar awo ta ratsa ta tsakiyar gadonta. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda babu wanda za a zaga.

Bari in ba ki lissafi, ki ga yadda yake shiga jikin gini. Tunda mamacin ya bar 'ya'ya, matansa tumuni za su samu, wato kashi 1 cikin 8, bayan an biya bashi da wasiyya, kuma su biyun za su raba shi. A ce gidan ɗaki 8 ne kuma shi kaɗai ya bari. Tumuni ɗaki ɗaya ke nan. Mata biyu, kowace rabin ɗaki. Matar da ta shekara 30 tana share ɗakin nan, tana yi masa yaɓe duk bayan damina, rabinsa ne nata. Ba sai kin rubuta "zuciyarta cike da baƙin ciki" ba. Ki sa ta zauna tana duban azarar rufi tana ƙirga ta, ta ga inda rabi ya faɗa.

Na Sabon Layi: Gafara dai Malam, a nan ina da gyara. Ba a raba gida da ƙirgen ɗakuna. Kimanta shi ake yi, a yi wa fili da gini kuɗi, sannan a fitar wa kowa da rabonsa, wanda ya ɗauki abin da ya fi nasa ya yi ciko. Na zauna a rabon gidan mahaifinmu, haka aka yi. In ta rubuta rabin ɗaki, wanda ya san abin zai ce ba ta yi bincike ba.

Malamin Ƙofar Sauri: Gyaranka daidai ne, na karɓa. To sai ta raba aikin gida biyu. Mazan da ke zaure su yi maganar kuɗi da kimantawa yadda ake yi. Ita kuma da ke ciki, wadda ba ta ganin takardarsu, ita ce za ta mayar da lissafin ɗakuna a ranta, don da ɗaki ta san gidan, ba da naira ba. Wannan bambancin ma ya fi abin da na faɗa da farko amfani.

Inna Mai Ɗinki: Ina ta karanta ku, na ce bari in sa baki, don ni na yi takabar nan, ba labari aka ba ni ba. Ɗiyata, abin da za ki fara sani shi ne mai takaba da kunne take rayuwa. Ni na san ƙarfe nawa ne ba tare da duba agogo ba: tafiyar yara makarantar allo, mai tallar koko, kiran azahar, sannan ƙarar buta a zaure in maza sun tashi alwala. Akwai lokacin da malam yake dawowa daga kasuwa, bayan la'asar, yakan yi gyaran murya a zaure kafin ya shigo. Na fi wata biyu duk la'asar jikina yana shiri, kunnena yana jiran gyaran muryar nan. Ba kuka nake ba a lokacin, jira nake. Kukan da dare yake zuwa.

Kuma ranar da aka zo duba gida, ba a shiga ɗakina ba, an ji nauyina. Ta waje suka auna. Na ji bakin tef ɗin nan na ƙarfe yana gogar bango daidai inda nake jingina bayana. Wani yana faɗin lamba, wani yana cewa "rubuta". Har yau in na ji magini yana jan tef sai gabana ya faɗi.

'Yar Daura: Allah ya jiƙan malam, Inna, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kin yarda in ɗauki maganar tef ɗin nan?

Inna Mai Ɗinki: Amin ɗiyata. Ɗauki, ai don ki ɗauka na faɗa. Amma kada ki sa ta tana rusa kuka a wurin. Mace mai shekaru ba ta yin haka maza na tsakar gida. Ni abin da na yi, na janye bayana daga bangon, na gyara lulluɓi, kamar su ne za su gan ni.

Ɗalibin Adabi: To ai maganata ce Inna ta tabbatar, sauti da gani da shaƙa. Kuma ina da ƙari. Yaya, ki sa a yi ruwan sama ranar da za ta bar gidan, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sama na kuka tana kuka. Yanayin gari ya bi yanayin zuciya, mai karatu zai ji abin har ƙashinsa.

Malamin Ƙofar Sauri: Rabi na farko na yarda, da sharaɗi. Inna ba ta jero mana sautin unguwa don mu san akwai unguwa ba. Kowane sauti da ta kawo yana auna wani abu, ko lokacin da ke tafiya ko mutumin da ba ya nan. Ƙamshin ƙosai da ka ce a sa, in bai yi wa matar komai ba, kalma goma ce aka zubar. Amma a ce ƙamshin turaren wuta ne yake fitowa daga ɗakin matar ɗan miji da dare, alhali ita an hana ta turare, kuma ta san wannan yarinya ce ake sa ran za ta gaji ɗakin, ka ga ƙamshi ya zama magana.

Batun ruwan sama kuwa, ɗana, ka manta a ina kake. A nan ƙasar hadari ba alamar baƙin ciki ba ne. Ka taɓa ganin mutumin Daura ko na Mashi ya ga hadari ya taso daga gabas a watan Yuni ya ɓata rai? Yara tsalle suke, manomi yana duba irinsa, mata suna jera bokiti a bakin indararo. Mu da muke fita roƙon ruwa, ba za ka ce mana ruwa kuka ba ne. Wannan hoton daga littattafan ƙasashen da rana ke yi wa wuya aka aro shi. In ka sa shi a Daura, mai karatu na gida zai ji sanyi a ransa daidai lokacin da kake so ya ji ƙunci.

Sannan akwai lissafin wata. Ɗiyata, yaushe mijin ya rasu a labarinki?

'Yar Daura: Ban faɗa ba, Malam. Ban ma yi tunanin lokacin ba.

Malamin Ƙofar Sauri: To zaɓi, domin takabarki agogo ce, kuma tana da tsawon da ya isa ta ratsa yanayi biyu. Wata 4 da kwana 10 na watan Musulunci wajen kwana 128 ne. A ce ya rasu 20 ga Nuwamba, an gama kaka, gero yana rumbu. Ƙirga: za ta fita wajen 28 ga Maris. Wato ta shiga ɗakin nan hunturu yana ƙwanƙwasa ƙofa, za ta fito bazara ta fara gasa ƙasa. Babu ruwan sama ko ɗigo a tsakanin nan, don haka hadarin ɗana ya faɗi tun a lissafi.

Amma dubi abin da aka ba ki a madadinsa. A Disamba da Janairu hazo ya rufe gari, rana kamar faifai, ƙura tana shiga ta ƙasan ƙofa ta kwanta a kan kwanukan jere, dugadugai suna tsagewa. Ɗakin ƙasa a lokacin gata ne, yana riƙe ɗumi, mutum ba ya son fita. Zuwa ƙarshen Maris tsakar gida ba ta takuwa da rana, kuma ɗakin ƙasa ya sake zama gata ta wata fuskar, don ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Ke nan a duk yanayin biyu ɗakin yana yi mata alheri. Sai ki tambayi kanki ina za ta koma. In ɗakin bulo ne mai rufin kwano ba silin a gidan ƙaninta a bayan gari, kuma a farkon bazara za ta shige shi, to jikin mai karatu ya riga ya san abin da ta rasa.

Ki nemi abu ɗaya a gidan da zai nuna tafiyar lokacin, kada ki warwatsa. Ni da randa zan ɗauka. A hunturu ruwanta ba ya taɓuwa da asuba sai an ɗumama. A bazara kuwa babu abin da ya kai shi daɗi. Randa guda, a gindinta guda, an kafa ta cikin yashi shekara da shekaru. Ta fito sau uku: farko, tsakiya, ƙarshe. A ƙarshe tambayar ita ce ko za ta ɗauku, domin tsohuwar randa in an tumɓuke ta daga mazauninta sau da yawa tsagewa take.

Ɗan Jibiya: Salam. Ni ban samu karanta duka ba, amma tunda ana maganar wurin labari, ina da tambaya. Nawa labarin a Dubai na kafa shi, saurayi ɗan kasuwa da wata 'yar attajiri a wani babban otal. Ban taɓa zuwa ba, amma na kalli bidiyo da yawa. Wani ya ce mani dole marubuci ya rubuta garinsu kawai. Wannan doka ce?

Malamin Ƙofar Sauri: Ba doka ba ce. Amma yi gwajin da na ba 'yar uwarka: mayar da Dubai Abuja ka gani. In babu abin da ya karye, matsalarku ɗaya, ita da ta rubuta garin da aka haife ta da kai da ka rubuta wanda ba ka gani ba. Bidiyo yana nuna maka yadda wuri yake a ido. Ba ya gaya maka abin da wurin yake hana mutum da abin da yake tilasta masa, kuma can ne labari yake. Kai da ke Jibiya, ka ga abin da rufe iyaka a watan Agustan 2019 ya yi wa mutanen da abincinsu yake kan hanyar Maraɗi. Saurayin da aka sa masa rana sannan hanya ta mutu, wannan wurin ne da kansa ya shiga tsakaninsa da yarinyar.

Ɗan Jibiya: Ai wannan kullum muna ganinsa Malam, mutane hutu suke nema in sun buɗe labari. Ni dai Dubai ɗin nake so.

Inna Mai Ɗinki: Bar shi Malam, akwai masu son nasa. Ni ma wani lokaci irinsu nake karantawa in na gaji da keke.

'Yar Daura: Na zauna da abin daren jiya. Ga sabon farko, na cire tarihin gaba ɗaya:

"Ta bayan bango suka fara. Ta ji bakin tef ɗin yana gogar yaɓe daidai kafaɗarta, sai ta janye, ta gyara lulluɓi. 'Ƙafa sha biyu,' in ji wata murya da ba ta sani ba. 'Rubuta,' in ji babban ɗan mijinta, a hankali, irin muryar da yake gaishe ta da ita. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan jeren kwanukanta tun shekaranjiya, ba ta goge ba. Saura kwana saba'in da ɗaya. Ta ƙirga su da asuba, lokacin da take jiran ruwan alwala ya yi ɗumi, za ta kuma sake ƙirgawa bayan la'asar, in zaure ya yi shiru a daidai lokacin da mijinta ya saba yin gyaran murya."

A tsakiya na sa ta tana hango wata bishiyar kuka ta saman katanga, ganyenta kore shar, tana tuna ranar da aka kawo ta amarya.

Na Sabon Layi: Farkon nan ya kama ni, ƙanwata. Amma kukar ki duba ta. Saura kwana 71 daga ƙarshen Maris, tsakiyar Janairu ke nan. Kuka a Janairu tsirara take, ba ganye ko ɗaya, sai rassa da 'ya'ya suna reto. Wanda ya tashi a ƙauye zai tsaya a layin nan ya daina yarda da ke. In kore kike so a rani, gawo ne. Shi ne yake zubar da ganye da damina, lokacin da kowane icce ke murna, ya kuma yi kore shar da rani in kowa ya bushe.

Malamin Ƙofar Sauri: Madalla da wannan ido. Kuskure irin wannan ya fi kuskuren rubutu tsada, don mai karatu ba ya cewa "ta yi kuskure", cewa yake "ba ta san wurin ba", daga nan kuma duk abin da matar ta ji sai ya zama da shakka. Amma ɗiyata, kada ki yi saurin canza kukar da gawo don kawai ki samu korenki. Tsaya ki ga wanne ne gaskiyar matar. In an kawo ta amarya da damina, kukar tana da ganye a ranar, yau kuma tana tsirara: icce guda, kallo biyu, shekara 30 a tsakani, kuma ba ki yi ƙarya ba. Gawo kuwa itaciyar gona ce, ya fi zama a fili, da wuya a hango shi ta katangar cikin birni. Na fi karkata ga kukar tsirara. Sai dai ki kula, kin riga kin sami randa. Labarin kalma 1,500 ba ya ɗaukar abubuwa biyu masu nauyi iri ɗaya. In kukar ta shiga, layi ɗaya ya ishe ta.

Sabon farkon kuma ga abin da ya yi daidai: ba ki ce tana baƙin ciki ba, amma macen da ta bar ƙura kwana biyu a kan jerenta, duk Bahaushiya ta san halin da take ciki. Abu ɗaya zan taɓa. "Irin muryar da yake gaishe ta da ita" shi ne layi mafi ƙarfi, kuma kin binne shi a tsakiya. Gwada ki yanke sakin layin a nan, ki bar shi ya tsaya.

Ɗalibin Adabi: Na yarda ya fi na farko. Amma Malam, yanzu mun koma inda muka fara. Yi masa gwajinka: wannan ɗakin a Funtuwa ma akwai shi, a Kazaure ma akwai. Takaba ɗaya ce, tumuni ɗaya ne. Ina Daura? Yayarta za ta sake cewa ba ta gan ta ba. Ni ina ganin Kusugu na da wurin shiga. A tarihin da ake bayarwa, macijin nan ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, gari duka yana jiran ranar da aka yarje masa. Ita ma matar jiran rana take. Me zai hana ta tuna wannan?

Malamin Ƙofar Sauri: Ka kama ni da gwajina, kuma tambayar ta cancanta. Amsata ita ce gwajin yana neman wurin da labari ya dogara a kansa, kuma yanzu akwai shi: fitar da matar daga ɗakin nan ka sa ta a bene mai famfo, labarin ya rushe. Ko sunan garin ya canzu, wurin bai canzu ba. Kusugu kuwa ina tsoronta. Tana da nauyin da zai rinjayi randar, kuma mai karatu zai ga hannun marubuciya tana nuna masa kamanceceniya. Mutumin gari ba ya tuna abin tarihin garinsu a ranar da ake auna ɗakinsa. Ni shekara nawa ina wucewa ta kusa da hasumiyar Gobarau, sai in na yi baƙo nake ɗaga kai.

In ana son Daura, a neme ta a ƙananan abubuwa da suke aiki. Harshen da mazan zaure ke magana da shi. Inda danginta suke: a ce 'yan uwanta suna tsallaken iyaka, ta hanyar Kongolam, to barin ɗakin nan ya zama barin ƙasa, kuma wannan ba zai yiwu a Funtuwa ba.

Inna Mai Ɗinki: A nan ban bi ka ba, Malam. Kai namiji ne mai yawo, shi ya sa ba ka ɗaga kai. Mace da ke zaune wata huɗu tana tuna komai, har tatsuniyar da kakarta ta yi mata. In kakarta ce ta ba ta labarin macijin tana yarinya, me zai hana ya faɗo mata da dare? Ba sai ta ce "ni ma haka nake" ba. Ta tuna muryar tsohuwar kawai.

Malamin Ƙofar Sauri: In ta bakin kaka zai zo, da dare, layi biyu, to ya zama tunanin matar, ya fita daga jawabin mai zagayen gari. Har yanzu ina ganin randa ta isa, amma ke kika zauna a ɗakin, Inna, ba ni ba.

'Yar Daura: Zan rubuta shi iri biyu, ɗaya da kakar, ɗaya babu, in ba yayata ba tare da na gaya mata bambancin ba. Dangin matar kuma na mayar da su tsallake, na gode Malam. Saura abu ɗaya da ya hana ni barci: ƙarshen. Randar ta ɗauku ko ta tsage? In ta tsage ina jin kamar na matsa wa mai karatu. In ta ɗauku kuma kamar na yi masa sassauci.

Na Sabon Layi: Akwai na uku. Ta bar ta a nan, ta cika ta da ruwa kafin ta fita.

Inna Mai Ɗinki: Tawa na bar ta. Amma ban cika ta ba, kife mata murfi na yi kawai, don a ranar ba ni da ƙarfin ɗaukar bokiti. Ki duba wanne matarki za ta iya, ɗiyata, kin fi mu saninta.